Kafin Takardar Sallama Ta Iso Hannunka

'Ya'yana masu aikin albashi, ko a masana'anta kuke, ko a banki, ko a kamfanin sadarwa, ina so mu yi maganar da yawancinku ba sa son ji sai ta zo kansu, wato maganar rage ma'aikata. Na daɗe a cikin harkar ƙwadago, na ga yadda ake zaman irin wannan, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ganin yaro mai hankali ya rasa haƙƙinsa saboda bai san yadda abin yake tafiya ba. Rasa aiki jarrabawa ce, Allah ne ke kawo ta, kuma Shi ne ke yaye ta. Amma barin haƙƙi a hannun kamfani don rashin sani, wannan abu ne da mutum zai iya kauce masa.

Ku fara riƙe wannan, domin sauran maganar duk a kansa take. A Najeriya doka ba ta yanke adadin kuɗin da za a ba wanda aka rage ba. Abin da za ka tashi da shi yana fitowa ne daga takardun da ke tsakaninka da kamfani, da kuma tattaunawar da aka yi kafin a raba takardun sallama. Wanda ya jira sai takarda ta shigo hannunsa sannan ya fara tambaya, ya makara, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda asalinta na 1974 ne, ta yi maganar rage ma'aikata a sashe na 20. Sashen gajere ne ƙwarai, mutum zai karanta shi a cikin minti biyu, kuma ina roƙon kowannenku ya nema ya karanta da idonsa. Ya bayyana ragi da cewa shi ne mutum ya rasa aikinsa dindindin, ba da son ransa ba, saboda ma'aikata sun yi wa aikin yawa. Ku lura da wannan bayani da kyau. Wanda aka rage bai yi laifi ba. Aikin ne ya ragu, ko aka rufe sashe, ko aka kawo injin da ke yin aikin mutum biyar. Saboda haka ragi daban yake da kora kan laifi, kuma daban yake da sallamar da kamfani ke yi wa mutum ɗaya bisa sharuɗɗan kwantiragi. Bambancin yana da nauyi a aljihu, domin a yawancin kamfanoni kuɗin ragi ya fi na sallamar yau da kullum, shi kuwa wanda aka kora kan babban laifi sau da yawa hannu rabbana yake fita.

Sashen ya ɗora wa mai kamfani abubuwa uku. Dole ya sanar da ƙungiyar ƙwadago, ko wakilin ma'aikata, dalilin ragin da kuma yawan mutanen da zai shafa. Dole wajen zaɓen waɗanda za su tafi ya bi ƙa'idar cewa wanda ya shigo daga baya shi ne zai fara fita, amma tare da duba cancanta, wato ƙwarewa da iyawa da riƙon amana a wajen aiki. Sannan dole ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen tattauna kuɗin sallama da waɗanda abin ya shafa. Dokar ta ba Ministan Ƙwadago ikon fitar da ƙa'idojin tilasta biyan kuɗin ragi, amma a aikace babu wani jadawali na ƙasa da za ka buɗe ka ga cewa shekara kaza tana cin naira kaza.

Na san wasunku suna karanta yadda ake yi a Ingila su ɗauka haka yake a nan. A can doka ta yanke: wanda ya shekara biyu a wuri yana da albashin mako ɗaya kan kowace shekarar da ya yi aiki tsakanin shekara 22 da 40 na haihuwa, mako ɗaya da rabi daga 41 zuwa sama, rabin mako ƙasa da 22, kuma ba a ƙirga fiye da shekara 20. Idan za a rage mutum 20 zuwa 99 a wuri guda, sai an fara tuntuɓa kwana 30 kafin sallamar farko, idan kuwa sun kai 100, kwana 45. Wannan tsarinsu ne. Idan ka shiga ofishin manajan ma'aikata a Bompai ko Sharaɗa da wannan lissafin, ba abin da zai tsaya maka. Namu sashen bai sa ranaku ba, bai sa adadi ba, ya dai buɗe ƙofar tattaunawa, kuma abin da aka samu a wannan ƙofar shi ne rabonka.

Akwai kuma wani abu da manyan ma'aikata ba su cika sani ba. Dokar Ƙwadago ta ware masu aikin gudanarwa da shugabanci da manyan ƙwararru daga cikin waɗanda take kira ma'aikata. Ma'ana, leburan masana'anta da direba da magatakarda suna ƙarƙashin sashe na 20 kai tsaye, amma manajan reshe ko akanta ko injiniya, abin da zai dogara da shi shi ne takardar ɗaukarsa aiki da littafin ƙa'idojin kamfani. Kai da ke ganin ka hau sama, kai ne ka fi kowa buƙatar sanin abin da takardarka ta ce.

Bari in kawo misali mu bi shi daki-daki. Mu ƙaddara wata masana'antar roba a Kano mai ma'aikata 300. Kuɗin dizal da kayan aiki sun yi tsada, ciniki ya ja baya, masu ita suka yanke shawarar rufe aikin dare su rage mutum 60. Irin wannan shawara ba ta faɗowa rana ɗaya. Watanni kafin a yi maganar, mai lura zai ga an daina ɗaukar sabbi, an soke obataim, albashi ya fara latti, an turo baƙi suna zagayawa suna tambayar kowa me yake yi daga safe zuwa yamma. Ranar da ka ga an ce kowane shugaban sashe ya kawo sunayen mutanensa da ranar da aka ɗauke su, to an riga an fara lissafi.

Mataki na farko a wurin da ake bin ƙa'ida shi ne kamfani ya rubuta wa ƙungiya, ya faɗi dalili da adadi, ya kira zama. A nan ne nake so ku fahimci mece ce tuntuɓa ta gaskiya. Idan an kira wakilanku ranar Alhamis aka ce musu ranar Juma'a za a raba takardu, wannan sanarwa ce kawai, an riga an gama. Tuntuɓa ta gaskiya ita ce wadda ake yi lokacin da har yanzu adadin zai iya canzawa. Wakilai masu sanin aikinsu ba sa fara zama da maganar kuɗi. Suna fara tambaya ne: me ya sa 60, ba 40 ba? A nuna mana yadda kayan da ake fitarwa suka ragu. Akwai gurabe a wasu sassan da za a iya mayar da wasu? Akwai waɗanda suka kusa ritaya da za su so tafiya da kansu idan an kyautata musu? Za a iya rage kwanakin aiki na wata shida a ga yadda kasuwa za ta yi? Kowace irin wannan tambaya tana iya ceto gidaje. A misalinmu, idan mutum 12 suka amince su tafi da kansu, aka mayar da 8 sashen lodi da gadi, to saura 40 ne za a zaɓa ba da son ransu ba. Mutum ashirin da iyalansu sun tsira daga sallamar dole tun kafin a taɓa maganar naira ɗaya.

Inda babu ƙungiya, kamar yadda yake a kamfanoni da yawa na yanzu, kada ku ce shi ke nan. Dokar ta ambaci wakilin ma'aikata. Ku zauna ku zaɓi mutum uku ko huɗu masu natsuwa waɗanda ba sa saurin fushi kuma ba a saye su da alkawari, ku rubuta wa kamfani cewa su ne bakinku, ku nemi a rubuta abin da aka tattauna a kowane zama a sa hannu. Kamfani ya fi son ya kira ku ɗaya bayan ɗaya, domin mutum shi kaɗai a gaban manaja, da tunanin kuɗin haya da na makarantar yara a kansa, kusan komai aka miƙo masa zai karɓa.

Sai maganar zaɓe, wadda ita ce ta fi ɗaci, domin a nan ne abokan aiki ke fara kallon juna da zargi. Ƙa'idar na baya ya fara fita ba a kan kamfani gaba ɗaya ake aiki da ita ba, a kan rukuni ne na masu aiki iri ɗaya. Idan masu sarrafa inji ne suka yi yawa, a cikinsu za a jera, ba za a haɗa su da direbobi ba. Saboda haka tambayar farko da ya kamata ka yi ita ce: a wane rukuni aka sa ni, kuma su wa ke ciki? A nan ake yawan yin wasa. Idan ana son fitar da wani, sai a tsuke rukunin har ya zama shi kaɗai ne a ciki, a ce muƙaminsa ne aka soke, alhali ga mutum huɗu suna yin irin aikinsa da wani suna daban.

Mu ɗauki mutum biyu a rukunin masu inji. Na farko ya shekara bakwai da wata takwas, na biyu shekara uku. A ƙa'ida na biyun ne zai fita. Amma idan shi ne kaɗai ya iya sabon injin da kamfani zai ci gaba da aiki da shi, doka ta ba kamfani damar riƙe shi ya sallami na farkon, saboda ta ce a duba cancanta. Wannan ba zalunci ba ne a kan kansa, kuma ina so ku karɓi wannan gaskiyar ko da ba ta yi daɗi ba: daɗewa kaɗai ba ta tsare kujera. Abin da kake da ikon nema shi ne a nuna maka ma'aunin. Kamfanoni masu tsari suna yin takardar maki, su ba ƙwarewa kaso, zuwa aiki kan lokaci kaso, tarihin ladabtarwa kaso, shekarun aiki kaso. Ka nemi ka ga makinka. Idan an ce aikinka ba shi da kyau, alhali takardun auna aikinka na shekara uku da suka wuce duk yabo ne, kuma ba a taɓa ba ka takardar gargaɗi ba, to kana da abin faɗa, kuma takardun nan su ne shaidarka.

Akwai alamun da ke nuna cewa an fake da ragi ne don a cimma wata manufa. Idan jerin sunayen ya kwashe shugabannin ƙungiya da waɗanda suka yi magana a taron bara, a duba, domin Dokar Ƙwadago ta hana a sallami mutum saboda kasancewarsa ɗan ƙungiya. Idan mace tana hutun haihuwa aka aika mata takardar sallama, dokar ta hana ba ta notis a lokacin wannan hutun. Alamar da ta fi kowace bayyana kuwa ita ce a sallame ku yau a ce aiki ya ragu, bayan wata biyu a ga ɗan kwangila ya kawo sabbin yara suna yin aikin nan dai a kan rabin albashi. Idan aikin yana nan, ba a yi wa aiki yawa ba ke nan, kuma wannan hujja ce da ake kai wa kotu.

Yanzu mu zo ga kuɗi, mu bi mutumin nan mai shekara bakwai da wata takwas. Mu ce albashinsa gaba ɗaya naira 150,000 ne a wata. A cikinsa gundarin albashi, wanda ma'aikata ke kira besik, naira 60,000 ne, alawus ɗin gida 40,000, na sufuri 30,000, sauran ƙananan alawus 20,000. Mu ce an daidaita a zama cewa za a biya albashin wata ɗaya kan kowace shekarar aiki. Kowa ya tashi yana murna, amma ba a gama ba, domin ba a faɗi wane albashi ba. Idan da besik za a lissafa, 60,000 sau bakwai, naira 420,000 ke nan. Idan da cikakken albashi ne, 150,000 sau bakwai, naira 1,050,000. Yarjejeniya ɗaya, shekaru ɗaya, amma tazarar naira 630,000 ce, kuma duk ta rataya ne a kan layi guda a cikin takarda. Sannan ga wata takwas ɗin nan da suka hau kan shekara bakwai. Idan an rubuta cewa cikakkun shekaru kawai za a ƙirga, sun tafi a banza. Idan an rubuta cewa za a biya su gwargwado, a cikakken albashi suna kawo ƙarin naira 100,000. Shi ya sa nake gaya wa wakilai kada su sa hannu sai sun ɗauki mutum uku na gaske daga cikin jerin, ƙarami da matsakaici da babba, an buga lissafin kowanne a gabansu har zuwa naira ta ƙarshe.

Kuɗin ragi kuma ba shi ne duka haƙƙinka ba, kuma kada ka bari a dunƙule maka komai a lamba ɗaya. Akwai notis. Sashe na 11 na dokar ya sa mafi ƙarancinsa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar. Idan takardar ɗaukarka ta ba da fiye da haka, da ita za a yi aiki. Mutuminmu yana da wata ɗaya, kuma idan an ce ya tafi yau, sai a biya shi kuɗin watan a madadin notis. Akwai albashin kwanakin da ya yi a watan ƙarshe. Akwai hutun shekara da bai ci ba. Idan kwana goma ne, kuma ana lissafin kwana 22 na aiki a wata, kusan naira 68,000 ne. Akwai garatuti idan ƙa'idojin kamfanin sun tanade shi, kuma a tambaya a fili ko kuɗin ragin ƙari ne a kansa ko a madadinsa, domin wasu kamfanoni suna ba da wanda ya fi yawa a cikin biyun ne kawai. Daga nan sai a cire abin da ake binsa. Idan akwai bashin kamfani na naira 200,000 a kansa, za a zare shi gaba ɗaya a ranar, haka ma bankin da albashinsa ke shiga zai iya kama nasa bashin da zarar kuɗin ya sauka. Mutane da yawa sun yi lissafin jari da kuɗin da ba su taɓa gani ba saboda sun manta da wannan.

Fansho kuwa ku ba shi kulawa ta musamman, domin a nan ne ɓarna ke ɓuya. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari, kamfani kashi 10, a kan aƙalla besik da alawus ɗin gida da na sufuri. Ga mutuminmu, waɗannan ukun sun kama naira 130,000, kashi 18 ɗinsu kuwa naira 23,400 ne a wata. Kamfanin da ya shiga matsi sau da yawa yakan ci gaba da cire kason ma'aikaci a takardar albashi amma ya daina tura kason ma'aikacin da nasa baki ɗaya. Wata shida na irin wannan naira 140,400 ne. Kafin ka sa hannu a kan komai, ka karɓi bayanin asusunka daga kamfanin fanshonka, ka gwada shi da takardun albashinka wata-wata, abin da ya ɓace a rubuta shi a cikin yarjejeniya da ranar biya. Kuɗin da ke cikin asusun naka ne, sallama ba ta taɓa shi. Dokar ta kuma ba wanda bai kai shekara 50 ba, wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai sami wani ba, damar cire har kashi 25 cikin ɗari. Idan asusun yana da naira 1,600,000, zai iya karɓar 400,000. Za a nemi takardar sallamarka a wajen, don haka ka adana ta. Shawarata ita ce kada a taɓa wannan kuɗin sai dole ta yi dole, domin abincin tsufanka ne kake ci tun da sauran ƙarfi.

Yanzu ga wurin da na fi jin tsoro a kanku. Za a iya kiranka ofis, a yi maka magana mai taushi, a ce don a kare maka suna gara ka rubuta cewa kai ne ka ajiye aiki da kanka, wai zai fi maka kyau wajen neman wani aikin. Ɗana, kada ka rubuta. Ragi ba abin kunya ba ne, ba ya ɓata suna, duk mai ɗaukar aiki ya san kamfanoni suna ragi. Amma da zarar ka rubuta da hannunka cewa ka ajiye, ka fitar da kanka daga bayanin da doka ta yi, domin ta ce rasa aiki ba da son rai ba. Gobe idan ka nemi kuɗin ragi, takardarka za a ɗauko a nuna maka. Idan shirin tafiya da son rai ne na gaskiya, wanda aka sa masa kuɗi, to a rubuta adadin da ranar biya a cikin takardar da ku biyu za ku sa wa hannu, ka riƙe kwafinka.

Haka nan takardar da ke cewa ka karɓi duk haƙƙinka kuma ba ka da sauran magana. Kada ka sa mata hannu a tsaye. Ka ce cikin ladabi, ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu in duba. Ka kai wa sakataren ƙungiya ko lauya ko wani dattijo da ya san aikin. Kotuna sun sha ɗaukar karɓar kuɗin sallama ba tare da ƙorafi ba a matsayin amincewa da sallamar. Idan yunwa ta sa dole ka karɓa alhali kana ganin an rage maka, ka rubuta wasiƙa a ranar cewa ka karɓa amma ba ka yarda da lissafin ba, ka faɗi inda ka ga giɓi, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka.

Ku kuma kula da maganar biya kashi-kashi. Wanda ya san Kakuri a Kaduna ya san abin da nake nufi. Masaƙar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta tsaya a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru masu yawa suna bin haƙƙinsu na sallama, da dama suka rasu ba su karɓa ba. Kamfanin da ke ragi yana da sauran numfashi, ana iya samun kuɗi a hannunsa. Wanda ya riga ya rufe ƙofa, sai dai a shiga layi da bankuna da sauran masu bin bashi. Saboda haka idan an ba ku zaɓi tsakanin adadi mai ɗan dama da za a biya yanzu da adadi mai tsoka da za a biya cikin shekara biyu, ku dubi lafiyar kamfanin da idon basira. A ganina, a wurin da albashi ya riga ya fara latti, abin da ya shiga asusunka a wannan watan ya fi alkawarin baɗi. Idan ba makawa sai kashi-kashi, a sa ranaku a rubuce, kashin farko ya zama mafi girma.

Idan magana ta ƙi daidaituwa, akwai inda ake zuwa. Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya tana da ofisoshi a jihohi, kuma jami'anta suna kiran ɓangarorin biyu su sasanta. Wani lokacin hukuma takan tsoma baki tun daga sama, kamar yadda Babban Bankin Najeriya da kwamitin shugabannin bankuna suka dakatar da sallamar ma'aikatan banki a watan Mayun 2020, lokacin annobar korona, amma wannan ba abin dogaro ba ne ga mai aiki a ƙaramin kamfani. Ƙarshen hanya ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta ikon shari'ar ƙwadago ita kaɗai, ya kuma ba ta damar duba kyawawan ƙa'idojin aiki na duniya. Tana da rassa a Kano da Kaduna da wasu biranen. Sai dai ku san iyakarta. A kamfani mai zaman kansa, da wuya kotu ta tilasta a mayar da mutum bakin aiki. Abin da aka fi samu shi ne kuɗi. Shari'a tana cin lokaci, kuma alƙali da takarda yake aiki. Wanda ya zo da takardar ɗaukar aiki, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma, da littafin ƙa'idojin kamfani, da yarjejeniyar ƙungiya, da takardun albashi, yana da abin tsayawa a kai. Wanda ya zo da cewa manaja ya yi masa alkawari da baki, Allah Ya ba shi haƙuri.

Game da yarjejeniyar ƙungiya, ka duba ko takardar ɗaukarka ta ambace ta, ta ce sharuɗɗanta suna cikin kwantiraginka. Idan ta ambata, ƙafarka ta fi ƙarfi wajen neman abin da ke ciki da sunanka.

Ku da ragin ya tsallake, ina da magana da ku ma. Kada ku guji waɗanda aka sallama kamar masu ɗauke da cuta, kuma kada ku yarda a yi amfani da ku wajen ba da shaidar ƙarya a kan makin wani. Ma'aunin da kuka bari aka yi wa 'yan'uwanku yau, da shi za a auna ku idan an dawo zagaye na biyu, kuma adadin da aka biya su shi zai zama mafarin tattaunawarku.

Abin da nake roƙonku shi ne, a cikin makon nan, tun ana zaman lafiya, kowa ya nemo takardar ɗaukarsa aiki da littafin ƙa'idojin wurin aikinsa, ya buɗe inda aka yi maganar ragi da notis da garatuti, ya buga lissafin abin da zai samu da a ce gobe ne. Ya yi kwafin takardun ya ajiye a gida, domin ranar da aka sallami mutum akan rufe masa kwamfutar ofis tun kafin ya koma kujerarsa. Wanda ya duba ya ga takardarsa ba ta ce komai a kan ragi ba, ya kai maganar gaban ƙungiya ko wakilan ma'aikata yanzu, a nemi a rubuta. Allah Ya tsare muku hanyar abincinku, Ya sa albarka a cikin guminku.